Ƴan wasa suna tsalle a allo, wanda rezo ya yanke masa kuma ya dawo su biyu: yaya ake gyara tsarin?

Tambaya: Ina Tawa, ni da abokina muna haɗa wani ɗan wasan waya da Unity, mutum takwas a fili ɗaya suna gudu suna harbi. Kowace waya tana aika wa saba inda mai ita yake ta TCP, saba ta rarraba wa saura. A ɗaki bisa Wi-Fi lafiya lau. Da mun koma 4G sai mutane su riƙa tsalle, wanda rezo ya yanke masa kuma in ya dawo sai a gan shi su biyu. Ina kuskuren yake?

Amsa: Ƙanena, abu biyu za ka canza a tushen ginin, sauran duk gyaran fuska ne. Na farko, waya ta daina faɗa wa saba inda take, ta riƙa faɗin abin da mai ita ya danna kawai, saba ce za ta yanke inda kowa yake. Na biyu, saba ta daina gane ɗan wasa da layin da ya shigo ta kansa, ta gane shi da wata lamba da ta ba shi tun farko. Tsallen daga na farkon da kuma TCP yake fitowa, tagwayen kuma daga na biyu.

Bari mu sa lambobi don maganar ta zauna. Filinku mita 200 ne, mutum yana gudun mita 5 a daƙiƙa. Saba tana lissafa duniyar wasan sau 20 a daƙiƙa, wato kowane milisakan 50, kuma kowane lissafi ɗaya zan kira shi bugu. A bugu ɗaya mai gudu yana cin santimita 25. A kowane bugu saba tana yin abu uku a jere: ta ɗauki umarnin da ya iso daga kowace waya, ta motsa mutane bisa dokokin wasan, da bango da karo da harsashi, sannan ta aika wa kowa hoton fili, wato jerin inda kowa yake a wannan bugun. Bugu 20 ya ishe ku. Wasannin harbi na kwamfuta da yawa suna yin 60 ko fiye, amma wannan zai ci muku mega da batir, kuma jinkirin hanya zai cinye ribar.

Jinkirin nan ba laifin lambobinka ba ne. Haske a cikin zaren fiba yana cin kimanin kilomita 200 a milisakan ɗaya. Nijar ba ta da teku, saboda haka in sabarka tana Faris ko Farankfot, saƙo sai ya gangara ta ƙasar maƙwabta zuwa gaɓa, ya bi wayar ƙarƙashin teku, ya dawo ta haka, ga kuma abin da eriya ke ƙarawa tsakaninta da waya. Ka auna naka da `ping` safe da dare. Ni a nan zan yi aiki da milisakan 160 zuwa da dawowa, 80 kowane gefe.

Sai batun TCP. Alƙawarin TCP shi ne komai zai iso, kuma a jere. In fakiti na 40 ya ɓata, na 41 da 42 da 43 ko sun iso wayar, ba za a miƙa wa wasanka su ba sai an sake aiko na 40. In aka kai ga jiran ƙarewar wa'adi, a Linux mafi ƙarancin jiran milisakan 200 ne, kuma yana ninkuwa duk lokacin da aka sake rasawa. A allo sai kowa ya daskare, sannan hotuna biyar su zubo a tare, mutane su yi tsalle. Abin haushin, hoton na 40 da aka tsaya jira ba shi da sauran amfani, tunda na 43 ya fi shi sabunta. A Wi-Fi na ɗaki kusan ba a rasa fakiti, shi ya sa ba ku gani ba. Matsayin ƴan wasa da umarni ka mai da su UDP, inda wanda ya ɓata ya ɓata, na bayansa ya wuce abinsa. Shiga asusu, neman abokan wasa da sayayya su zauna a HTTPS. Ba dole ka rubuta komai daga tushe ba, akwai ENet da LiteNetLib da KCP, dukkansu bisa UDP suke kuma suna ba ka hanya mai tabbaci ga saƙonnin da ba a son su ɓata, kamar mutuwa ko ƙarshen zagaye.

Yanzu ga matsalar da sabon tsarin ke haifarwa. In waya za ta jira saba kafin ta motsa mai ita, mutum zai danna ya jira milisakan 160 kafin ya ga ƙafarsa ta ɗaga, kuma babu mai jure wannan. Maganin da aka sani tun wasan QuakeWorld a 1996 shi ne waya ta yi hasashe: ta motsa mutumin nan take da irin lissafin da saba za ta yi, ta sa wa kowane umarni lamba, ta aika, ta kuma ajiye kwafi a jeri. Saba a cikin kowane hoto tana gaya wa kowace waya lambar umarninta na ƙarshe da ta yi aiki da shi.

Ga yadda yake tafiya. Ɗan wasa yana kan santimita 1000, ya riƙe gaba. Umarni na 101, 102, 103 da 104 sun fita, wayar ta nuna shi a 1025, 1050, 1075, sannan 1100. Sai hoto ya iso yana cewa: na yi aiki da 101, kana 1025. Kuskuren da masu farawa ke yi shi ne su mai da mutumin 1025 kai tsaye, sai ka gan shi yana gaba ana fizgo shi baya kamar an ɗaure shi da roba. Daidai shi ne a ajiye shi a 1025 a cikin lissafi, a zubar da 101 daga jeri, a sake gudanar da 102, 103 da 104 a take. Amsa ta fito 1100, daidai inda allo ke nuna shi, ido bai ga komai ba.

```
void OnSnapshot(Snapshot s) {
    pending.RemoveAll(i => i.seq <= s.lastSeq);
    pos = s.myPos;
    foreach (var i in pending) pos = Move(pos, i, 0.05f);
}
```

To in an samu saɓani fa? A ce a umarni na 102 wani ya tare masa hanya a saba, bai motsa ba. Hoto na gaba ya ce: na yi aiki da 102, kana 1025. Wayar a lokacin ta kai 105, tana nuna 1125. Ta sake gudanar da 103, 104 da 105 daga 1025, ta samu 1100. Bambancin santimita 25 ne. Kada a cire shi a firam ɗaya, a narkar da shi cikin milisakan 100 zuwa 150, mai wasa ba zai lura ba. In bambancin ya wuce mita biyu, a nan a mai da shi kai tsaye, domin jan mutum a hankali ta cikin bango ya fi muni.

Sharaɗin wannan duka shi ne `Move` ta zama iri ɗaya a waya da saba, da tsayayyen lokaci na milisakan 50. In ka bar ta tana amfani da `Time.deltaTime` a cikin `Update`, wayar da ke zana firam 30 da mai zana 60 za su ba da amsa daban da ta saba, sai gyara ya zama na kullum, mutum yana ta rawa ko rezo lafiya lau. Alamar ke nan: in ka ga bambanci a kowane hoto alhali babu karo, lissafin ne bai yi daidai ba, ba hanya ba. Kuma kada ka yarda waya ta faɗi tsawon lokacin umarninta, domin wanda ya taɓa wasan zai ce kowane umarni nasa na milisakan 200 ne ya riƙa gudu ninki huɗu.

Tunda UDP yana zubar da fakiti, kowane fakitin da waya ta aika ya ƙunshi umarni huɗu na baya-bayan nan, ba ɗaya ba. Umarni bai wuce bayit uku ko huɗu ba. In fakitin da ya fara kawo 103 ya ɓata, na gaba yana ɗauke da shi, saba ta duba lamba ta ɗauki wanda ba ta gani ba ta watsar da maimaici.

Sauran mutum bakwai ba za ka iya yin hasashensu haka ba, tunda ba ka san abin da suke dannawa ba. Su ana nuna su a baya kaɗan da gangan. Waya tana tara hotuna, tana zana fili yadda yake milisakan 100 da suka wuce, tsakanin hotuna biyu da ta riga ta samu. Hoton lokaci 5000 ya ce Sani yana 2000, na 5050 ya ce 2025, lokacin zane 5020, wato kashi 40 cikin ɗari na tazarar, sai a zana shi a 2010. An zaɓi 100 ne don ya kai bugu biyu: ko hoto ɗaya ya ɓata, akwai na bayansa da za a miƙa layi zuwa gare shi. Injin Source na kamfanin Valve ma da wannan adadin yake zuwa, `cl_interp 0.1`. A 4G abin da ya fi ɓata fakiti damuwa shi ne rashin daidaiton isowa, wannan ya zo a 70, na gaba a 140, saboda haka ka bar adadin yana hawa zuwa 150 ko 200 in waya ta ga ma'ajiyarta tana yawan ƙarewa, ya sauko in abu ya lafa. In ta ƙare ƙaf, ka ci gaba da tura mutum bisa saurinsa na ƙarshe har milisakan 250, daga nan ka tsai da shi.

Wannan yana da farashi wajen harbi. Sani ɗin da kake gani ya tsufa da 80 na hanya da 100 na ma'ajiya, kusan santimita 90 ke nan a bayan inda yake a saba, kuma harbinka zai ƙara 80 kafin ya isa. Don haka saba ta riƙe tarihin matsayi na daƙiƙa ɗaya, waya ta faɗi lokacin da take kallo sa'ad da aka harba, saba ta koma wannan lokacin ta duba ko ya samu. A misalinmu komawar ta kai 260. Ka sa mata iyaka a wajen 300, in ba haka ba mai mummunan rezo zai riƙa kashe mutanen da suka daɗe da shigewa bayan bango.

Batun mega a taƙaice, tunda ƴan wasanku da forfe suke shiga. Mutum ɗaya bayit 8 ya ishe shi: lamba 1, matsayi 2 da 2, fuskanta 1, hali 1, lafiya 1. Bayit biyu suna raba mita 200 gida 65536, kusan milimita 3, ya fi abin da ido ke gani. Mutum takwas 64, kan saƙo 8, kan IP da UDP 28, jimla 100. Sau 20 a daƙiƙa bayit 2000, wasan minti goma mega 1 da ɗigo 2 a saukowa. In da JSON kake aikawa, ka ninka wannan sau shida ko bakwai.

Mu zo ga yankewa, inda na fi son ka natsu. A UDP babu wani saƙon da ke cewa layi ya mutu, shiru kawai za ka ji. A TCP ma kada ka dogara da tsarin ya gaya maka, domin wayar da rezo ya ɓace mata ba ta samun damar yin sallama, kuma `tcp_keepalive_time` na Linux daƙiƙa 7200 ne, awa biyu cur, in ma ka kunna shi. Ga asalin tagwayenka: tsohon layin yana nan a buɗe a idon saba da mutuminsa tsaye, wayar ta buɗe sabo, saba ta ɗauka baƙo ne ta ƙirƙiro masa wani jiki.

Kuma abin da ɗan wasa ke kira yankewar rezo ba iri ɗaya ba ne. Akwai ɗan giɓi na daƙiƙa ɗaya ko biyu, lokacin da waya ke sauya eriya ko mutum ya shiga lungu. Akwai canjin adireshi: an ɗauke wuta, Wi-Fi ya mutu, waya ta koma 4G da sabon IP. Ko ba a sauya komai ba, kamfanonin waya sukan tara mutane da yawa bayan adireshi ɗaya, kuma in ka yi shiru na ɗan lokaci, a wasu na'urori daƙiƙa 30 kacal, sai su manta ƙofar da suka ba ka su ba ka wata. Akwai kira: wayar da ba ta da VoLTE tana sauka zuwa 3G ko 2G don amsawa, kuma a yawancin wayoyi masu sim biyu, in aka kira ɗaya intanet na ɗayan yana tsayawa har a gama. Sannan akwai wanda ya leƙa WhatsApp, Android ta dakatar da wasan ko ta kashe shi gaba ɗaya don ƙarancin ƙwaƙwalwa. A cikin huɗun nan babu wanda ya bar wasa da niyya.

Gyaran shi ne tikiti. Lokacin shiga ta HTTPS, saba ta ba waya lambar zama da mabuɗi na bayit 16 ko 32 da aka zaɓa da ka, wayar ta rubuta su a ma'ajiyarta ta dindindin don ko an kashe wasan su tsira. Kamar motar Yamai ce in ta tsaya a Ƙonni: ka sauka, ka dawo ta kowace ƙofa, kujerarka tana nan domin tikitin ne shaida. Kowane fakiti yana ɗauke da lambar zaman, saba tana neman mutum da ita, ba da adireshi ba. In fakiti ya zo daga sabon adireshi, sai ta sabunta inda take aika masa hoto, shi ke nan, ko daƙiƙa ɗaya ba a rasa ba. Tsarin sadarwa na QUIC, wanda aka daidaita a 2021, da irin wannan dabarar yake tsallake canjin adireshi. Amma da sharaɗi biyu: fakitin ya zo da hatimin da aka lissafa da mabuɗin, irin HMAC, kuma lambarsa ta fi duk wadda aka gani a baya. In babu na farko, duk wanda ya hango lambar zaman a Wi-Fi ɗaya zai ƙwace mutum. In babu na biyu, tsohon fakitin da ya makara a hanya zai mai da saba ga adireshin da ya mutu.

Sai matakan shiru a gefen saba. Waɗannan adadi ne na farawa, za ka daidaita su da gwaji. Daga sifili zuwa milisakan 250, ta ci gaba da maimaita umarninsa na ƙarshe. Bayan haka ta tsai da shi cik, kada ya yi ta gudu har ya faɗa hannun abokan gaba. A daƙiƙa 5 ta sa masa alamar ya yanke, ta sanar da ƴan ƙungiyarsa, ta daina aika masa hoto. Ta riƙe masa wurinsa da makinsa da kayansa har daƙiƙa 60, ko 90 in kana son kiran waya gajere ya shiga ciki, sannan ta cire shi. Don shirun ya zama shaida, dole waya ta riƙa aika fakiti ko mutum bai taɓa komai ba. A cikin fili umarnin wofi yana yin wannan aikin, a ɗakin jira kuma ɗan fakiti kowace daƙiƙa ɗaya ko biyu, wanda shi ne kuma ke hana kamfanin waya manta ƙofarka.

Jikinsa fa a wannan minti ɗayan? Ra'ayina ya zauna a fili kuma harsashi ya kama shi. Na san da zafi ga wanda wuta ta ɗauke masa, amma in ka ɓoye shi ko ka hana a taɓa shi, cikin mako guda kowa zai koyi danna yanayin jirgin sama da zarar ya ga zai mutu. In kana son sassauci, ka sa kwamfuta ta ja shi zuwa maɓoya mafi kusa.

A gefen waya, in daƙiƙa ɗaya ta wuce babu hoto, nuna alama a allo ka daina hasashe, domin barin mutum yana yawo a filin da ya daskare yaudara ce. A daƙiƙa 2 ko 3 ka rufe soket ɗin ka buɗe sabo, tunda tsohon yana iya maƙalewa a hanyar da ta mutu, ka aika buƙatar dawowa da tikiti. In ba amsa, ka jira rabin daƙiƙa, sannan 1, 2, 4, ka tsaya a 4, kana ƙara ɗan lokaci na ka a kai don kada unguwa guda da wuta ta dawo mata ta afka wa saba a tare. Kada ka jira ƙarewar lokaci in tsarin ya riga ya gaya maka: `OnApplicationPause(false)` a Unity da `registerDefaultNetworkCallback` a Android suna sanar da kai an dawo ko hanya ta canza, sai ka nemi dawowa nan take.

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne bayan an dawo. Ɗauki Sani, an kira shi a umarni na 900, ya dawo bayan daƙiƙa 12. Saba ta yi bugu 240 ba shi. In wayarsa ta ci gaba da tara umarni ta zubo su a tare, kuma saba ta karɓa, zai yi tafiyar mita 60 a ƙiftawar ido. Don haka waya ta zubar da duk jerin da ke jira, saba kuma ta ƙi gudanar da fiye da umarni biyu na mutum ɗaya a bugu, kada jerinsa ya wuce biyar ko shida. Saba ta aika masa cikakken hoto ta hanya mai tabbaci: matsayin kowa, maki, lokacin da ya rage, wanda ya mutu, ƙofar da aka buɗe. Wannan ya fi zama dole in ka fara aika bambanci kawai tsakanin hotuna, domin hoton da zai kwatanta da shi ya tsufa. Waya ta share ma'ajiyar hotunanta, in ba haka ba za ta zana mutane suna shawagi daga inda suke dā zuwa inda suke yanzu. Ta sake daidaita agogonta da lambar bugun saba. Lambar umarni kuma ta ci gaba daga inda saba ta ce ta tsaya. In wasan ya mutu ya tashi ya fara daga 1, saba za ta ɗauki komai tsoho ne ta watsar, mutum ya ga kowa yana motsi shi kuwa ya kafe. In ka taɓa ganin wannan alamar, nan za ka duba.

Abin da ba a son ya faru sau biyu, kamar sayen makami ko karɓar lada, ka ba kowace buƙata lambarta. Waya ta aika, saba ta cire kuɗi, amsa ta ɓata, waya ta sake aikawa bayan dawowa. Saba ta ga ta san lambar, ta maimaita amsar farko ba tare da ta sake cirewa ba.

Kada ka jira sai ka hau hanyar Tawa zuwa Ƙonni kafin ka gwada. A sabar gwaji mai Linux ka lalata hanyar da kanka:

```
sudo tc qdisc add dev eth0 root netem delay 160ms 40ms loss 5%
sudo tc qdisc change dev eth0 root netem loss 100%
sudo tc qdisc del dev eth0 root
```

Layin farko yana ƙara jinkiri da rashin daidaito da ɓatan fakiti biyar cikin ɗari, na biyu yana yanke duk abin da ke fita, na uku yana mai da abu yadda yake. Ka lura `netem` a nan abin da ke fita daga saba kawai yake taɓawa, shi ya sa na ɗora duka 160 a gefe ɗaya, kuma layi na biyu yana ba ka yanayi mai wuyar kamawa: saba tana jin waya, waya ba ta jin saba. In ta SSH kake shiga, layi na biyu zai yanke ka kai ma, don haka ka haɗa shi da na uku a umarni ɗaya da `sleep 12` a tsakani. Ka gwada yankewar daƙiƙa 1, 4, 12 da 70, domin kowace tana faɗawa mataki daban, sannan ka kashe Wi-Fi ana tsakiyar gudu, ka sa abokinka ya kira sim na biyu, ka kuma kashe wasan gaba ɗaya ka sake buɗewa. A kowane gwaji, ban da wanda ya wuce lokacin riƙe wuri, ka duba abu uku a rajistar saba: yawan mutane a fili ya zauna takwas, lambar zaman ba ta canza ba, kuma tazarar da mutumin ya yi a bugun farko bayan dawowa ba ta wuce santimita 50 ba.